Takalmi 40 na tura, amma 1,480 kawai na gani a kan uwar kuɗina

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kan lissafi ku taimaka min, kaina ya kulle. Takalman mata nake sayarwa a wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Ina saro kowanne a 6,000, in sa shi a 10,000. A watan da ya wuce na saro 40, wato 240,000, kuma duk an yi odarsu. A lissafina ribar 160,000 nake jira. Asusun da nake harkar da shi daban yake, ko katin waya ba na saya daga ciki, kuɗin aike da na kwali kawai ke fita. Yau na duba na tarar da 241,480. Ko 2,000 ba ta hau kan jarina ba. Na san an dawo min da wasu, amma ai guda 6 ne kacal. Ina sauran kuɗin suka shiga?

Zainabu: Innalillahi! Anti, maza ki canza lambar sirrinki, wallahi wani ne ya shiga asusunki. Haka aka yi wa wata ƙawata, kaɗan kaɗan ake zara ba ta sani ba.

Maman Ilham: Zainabu na bi bayanan asusun layi layi, babu fitar da ban san ta ba. Abin da ya fi ɗaure min kai ke nan.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kafin a zargi kowa, amsa min waɗannan. Nawa mai saye ke biya gaba ɗaya, har da kuɗin kai kaya? Nawa ke kuma kike ba masu kai kayan? Sannan ki buɗe oda ɗaya wadda ba a dawo da ita ba, a shafin da dandalin ke nuna abin da ya biya ki, ki karanto mana duk abin da aka cire. Kada ki faɗa da ka, ki karanto.

Maman Ilham: To Malam. Mai saye na biyan 10,000 da kuma 1,000 na kai kaya, 11,000 ke nan. Masu kai kayan 1,500 suke karɓa, ni nake cika 500 don kada kuɗin aike ya kori mutane. Kwali da leda da salatif kamar 300. A shafin kuma na ga an cire 1,100 kamishon dandali, an cire 320 kuɗin biya, aka turo min 9,580. Amma abin mamaki, kamishon kashi 10 cikin 100 suka ce, ai 1,000 ya kamata su ɗauka.

Malam Nura: Yauwa, mun fara kamo bakin zaren. Ba a kan kuɗin takalmi suke lissafa kamishon ba, a kan duk abin da mai saye ya biya ne, wato 11,000. Wannan 1,000 da kike karɓa don ki miƙa wa ɗan aike, ita ma sai an yanki 100 a cikinta. Ba dandalinki kaɗai ke yin haka ba. Etsy na ɗaukar kashi 6.5 cikin 100 tun 2022, kuma har da kuɗin tura kaya a cikin abin da suke lissafawa. eBay ma a kan jimillar da mai saye ya biya suke yanka. Dalilin a fili yake: da a kan kuɗin kaya kaɗai ake cira, da kowa ya sa kayansa a 1,000 ya ce kuɗin aike 10,000.

Ita kuma 320 ɗin, wadda kamfanin da ke karɓar kuɗi ta kati ke ɗauka, gida biyu ce. Kashi 2 cikin 100 na 11,000 shi ne 220, sai wata 100 da ake cira a kowace oda komai ƙanƙantarta.

Yanzu mu bi takalmi ɗaya da ya tafi bai dawo ba. An turo miki 9,580. Cire 1,500 na aike, saura 8,080. Cire 300 na kwali, saura 7,780. Cire 6,000 na sari, saura 1,780. Wannan ce ribarki a takalmin da ya zauna a hannun mai shi, ba 4,000 ba. Da ma ko ɗaya bai dawo ba, 71,200 za ki samu a 40 ɗin, ba 160,000 ba.

Maman Ilham: Ikon Allah. Fiye da rabi ya tafi tun ba a zo maganar dawowa ba.

Abba Sadik: Ai Anti abin mai sauƙi ne. Guda 6 sun dawo, kowanne kin yi asarar 6,000 na sari da 1,500 na aike, 7,500 sau 6 ya ba da 45,000. Cire daga 71,200, saura 26,200. Ga ribarki nan. Shawarata ki ƙara 1,420 a kan farashi, kamisho da kuɗin biya su koma kan kwastoma, shi ke nan an wuce wurin.

Malam Nura: Abba, ka kusa amma lissafin ya zame maka a wuri uku. Na farko, 71,200 ribar takalmi 40 ce, alhali 34 ne suka zauna. 34 sau 1,780 shi ne 60,520, daga nan za mu fara. Na biyu, ka lissafa 6,000 a matsayin asara, bayan takalmin yana ɗakinta. Na uku kuma ka bar wasu kuɗaɗen da suka tafi da gaske. Maman Ilham, buɗe mana oda ɗaya cikin waɗanda aka dawo da su. Nawa aka mayar wa mai saye, wa ya biya kuɗin dawowa, kuma me dandalin ya mayar miki?

Maman Ilham: An mayar mata da 11,000 ɗinta cif, har kuɗin aiken. Ni na biya 1,500 na dawo da shi, haka dokar dandalin take. Kamishon sun mayar min da 880, sun riƙe 220. Ita 320 kuwa ban ga inda ta dawo ba. Ko kuskure ne in yi musu magana?

Malam Nura: Ki duba sharuɗɗansu, amma da wuya ya zama kuskure. Kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta kati suna ganin sun riga sun yi aikinsu ranar da kuɗin ya shigo. Stripe ba ya mayar da kuɗin aikinsa idan an mayar wa mai saye kuɗi. PayPal a da yana mayar da kason, amma ya daina tun 2019. Riƙe wani abu daga kamisho ma sananne ne: Amazon a Amurka na riƙe kashi 20 cikin 100 na kamishon ko dala 5, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Naki ma ɗaya bisa biyar suka riƙe.

To ga abin da takalmi ɗaya da ya dawo ya ci miki. Zuwa 1,500, dawowa 1,500, kwali 300, kuɗin biya 320, abin da dandali ya riƙe 220. Jimilla 3,840, kuma ko sisi bai shigo ba a wannan odar. Ki kwatanta da 1,780. Sai kin sayar da biyu da ɗoriya kafin ki cike ramin guda ɗaya. Guda 6 sun ci 23,040. Wannan fa idan duk sun dawo lafiya ne. Yaya suka dawo?

Maman Ilham: Huɗu lafiya ƙalau, ko takardar da ke ciki ba a cire ba, sun ce lamba ce ba ta yi musu ba. Biyu kuwa an sa su. Ɗaya ƙasansa ya goge, har da ɗan tsakuwa a maƙale a dunduniya, ɗayan kuma igiyarsa ta saki. Ba zan iya sayar da su a matsayin sababbi ba. In na samu 3,000 a kowanne na gode Allah.

Malam Nura: To waɗannan biyun kowanne ya faɗi daga 6,000 zuwa 3,000, asarar 6,000 ke nan a haɗe. Ƙara ta a kan 23,040, dawowar kaya ta ci miki 29,040. Cire daga 60,520, saura 31,480. Ribarki ta wata ke nan.

Sai tambayarki ta farko, ina kuɗin suke. Takalma huɗu masu lafiya na 24,000 ne a kuɗin sari, biyun da suka lalace na 6,000, jimilla 30,000. Cire daga 31,480, me ya rage?

Maman Ilham: 1,480. La ilaha illallahu. Daidai da abin da na gani, ko ɗaya bai kauce ba. Wato ribar tana nan jere a bayan ƙofa cikin kwalaye.

Zainabu: To alhamdulillahi ba ɓarawo ba ne. Amma duk da haka Anti ki canza lambar.

Hajiya Turai: Malam Nura, Allah ya ƙara basira, amma ni ban yarda da wannan 30,000 ɗin ba. Na daɗe a sana'ar sutura, na san kayan da ke dawowa. Ba kowace lamba ce ke dawowa ba, waɗanda suka fi girma ne ko suka fi ƙanƙanta, ko launin da a hoto ya yi kyau a ido bai yi ba. Su ne kuma masu wuyar fita. Kana rubuta 24,000 a takarda, wata uku suna nan, yayi ya wuce, a ƙarshe ta karyar da su. Ni a wurina kuɗin da bai shigo hannu ba ba riba ba ne. 'Yata, ki ɗauka 1,480 kika samu, in sun fita ki yi murna a lokacin.

Malam Nura: Hajiya, maganarki na kan hanya, kuma in don abin da za ta cira ta kashe ne, to 1,480 ɗin ce gaskiya. Amma in ta rubuta huɗun a matsayin sifili, wata mai zuwa da ta sayar da su za ta ga kowanne ya kawo 7,780, ta zaci kasuwa ta buɗe, alhali rabon wannan watan ne ya makara. Sai wata ɗaya ya yi muni fiye da kima, na biye ya yi kyau fiye da kima, ta kasa gane ko sana'ar na ci. Abin da nake yi, ina barin kaya a kuɗin sari, in ya yi wata biyu bai motsa ba in rage masa daraja a littafi.

Hajiya Turai: Kai da littafinka. Wanda ta saro a wurinsa ba zai karɓi takalmi huɗu a madadin kuɗi ba ranar da ta koma sari.

Malam Nura: Wannan kam haka ne, Hajiya, ba ni da ta cewa.

Abba Sadik: Na ji an rushe lissafina, ba komai. Amma maganar ƙarin farashi fa? Har yanzu ina kan bakana. Kuma ni da ni ne, sai in ce kai kaya kyauta ne, in sa takalmin a 11,000, kamisho ba zai hau kan kuɗin aike ba.

Malam Nura: Ta biyun ba cinya ba ce ƙafar baya, Abba. Ko 10,000 da 1,000, ko 11,000 a dunƙule, abin da mai saye ya biya ɗaya ne, kamishon 1,100 ne. Wataƙila kalmar kyauta ta jawo masu saye, wannan wata magana ce daban, amma ba ta rage ko sisi a abin da ake cira.

Ƙarin farashi kuwa yana aiki, sai dai ba duka ƙarin ke zuwa hannunta ba. Duk 1,000 da ta ƙara, dandali zai ɗauki 100, masu karɓar kuɗi su ɗauki 20, ta tsira da 880. In ta ƙara 1,420 da ka ce, kusan 1,250 za ta gani. Wanda ke son wani adadi ya zo hannunsa cif, sai ya raba shi da 0.88, ba ya ɗora shi kawai ba. Misali tana son 3,000 a kowane takalmin da ya zauna. Sari da kwali da aike da waccan 100 sun kama 7,900, da 3,000 ya zama 10,900. Raba da 0.88, ya kusa 12,400. Abin da mai saye zai biya gaba ɗaya ke nan, maimakon 11,000.

Maman Ilham: Malam, a dandalin nan akwai masu irin takalmina sak, wasu har ƙasa da nawa suke sawa. In na kai 12,400 anya wani zai kalle ni?

Malam Nura: Wannan ke kika fi ni sani, lissafi ba zai amsa ta ba. Abin da zan iya nuna miki shi ne girman kowace hanya. In kika ƙara 1,000 kuma masu saye ba su ragu ba, ribar watan za ta tashi daga 31,480 zuwa wajen 61,000. In kuma farashi ya tsaya yadda yake, amma masu dawowa suka sauko daga 6 zuwa 3, biyu lafiya ɗaya da lahani, za ki samu 51,340. Ƙarin kusan 20,000 ba tare da kin taɓa aljihun kowa ba. Duk odar da kika hana dawowa sau biyu take biyanki, kin tsira daga asarar kuma kin ci ribar.

Ga kuma wani adadi da ya kamata ki riƙe a ka. In aka raba 29,040 gida 6, kowace dawowa na cin 4,840. Da ribar 1,780, idan 27 cikin oda 100 suka dawo, aikin banza kika yi, ba riba ba faɗuwa. Ke yanzu kina kan 15 cikin 100. Tazarar ba ta da yawa, samfuri ɗaya mai matsatstsiyar lamba zai iya kai ki can.

Hajiya Turai: A nan kam muna tare. Huɗu cikin shida lamba ce ta dawo da su, to nan za ki sa ƙarfi. Kada ki dogara da lambar da ke jikin kwali, 39 na wannan kamfani ba 39 na wancan ba ne. Ki sa tef a cikin takalmin, daga dunduniya zuwa yatsa, ki rubuta santimita nawa ne a ƙarƙashin kowace lamba. Ki ce wa mai saye ta taka farar takarda, ta zana ƙafarta, ta auna. In samfurin mai siririn baki ne ki faɗa ƙarara, mai faɗin ƙafa ta ƙara lamba ɗaya. Za ki rasa wasu masu saye, amma irin waɗanda da ma za su dawo da shi ne. Sannan ki riƙa ɗaukar hoton ƙasan takalmi kafin ki rufe kwali. Ranar da aka dawo miki da gogagge, kina da abin nunawa in kin kai ƙorafi.

Bashir: Ku yi haƙuri in sako tawa. Ni matashin kujera nake sayarwa, ba ya dawowa sosai, amma kuɗin aike ne ya kusa kashe ni. Kayan bai fi kilo ɗaya da rabi ba, sai in ga an caje ni kuɗin kilo biyar. Na yi ta faɗa da su, ashe girman kwali suke aunawa. Tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000, haka DHL da wasu ke yi, sai a ɗauki wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwalina 40 da 30 da 20 ne, ya ba da 4.8. Da na koma matse shi a leda mai zuƙe iska, kuɗin ya sauko sosai. Maman Ilham, ki tambaya ko 1,500 ɗinki ta girman kwali ce. In haka ne, ki yar da kwalin ki sa a leda.

Hajiya Turai: Bashir, matashi ba takalmi ba ne. A jefa mai tsini a leda, a ɗora masa buhu a mota, ya isa a karye. Ta rage ɗari biyu ko uku ta jawo 4,840. Flat da silifa dai na yarda.

Bashir: Ai Hajiya tambaya na ce ta yi, ban ce dole ba.

Zainabu: Malam Nura, ni kuma 'yan kunne da ribom nake sayarwa, 1,000 zuwa 1,500. Kwastoma ke biyan aike kai tsaye ga ɗan aike, kuma ba a cika dawo min da kaya ba. To ni wannan lissafin bai shafe ni ba ko?

Malam Nura: Ya shafe ki ta wata ƙofar, ƙanwata. In tsarin cajinku irin na Maman Ilham ne, waccan 100 da ba ta canzawa ita ce matsalarki. A odar 11,000 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A odar 1,000 kuwa kashi 10 ce ita kaɗai. Da kamisho 100 da kaso 20, an cire 220 a cikin 1,000. In kika haɗa guda uku a oda ɗaya ta 3,000, abin da za a cire 460 ne maimakon 660. Shi ya sa masu ƙananan kaya ke sayarwa a saiti ko su sa mafi ƙarancin oda.

Abba Sadik: Duk wannan wahalar ta dandali ce. Anti, ki karɓi lambar kwastoma ku gama ciniki a waje, ta turo kuɗi kai tsaye. Ba kamisho, ba dole a karɓi kayan da aka sa.

Malam Nura: Yawancin dandali sun hana janye mai saye zuwa waje, kuma suna rufe shago a kan haka, wani lokaci da kuɗin mutum a ciki. In tana da nata masu saye da ta samo da kanta, wannan halalinta ne. Amma waɗanda dandali ya kawo, 1,100 ɗin kuɗin kawo su ne. A waje sai ta biya talla, kuma ban san ko zai yi ƙasa da haka ba.

Maman Ilham: Maganar talla ta tuna min. Na biya 8,000 don a ɗaga kayana sama a shafin, amma daga ɗaya asusuna na biya, shi ya sa bai fito a nan ba. Shi ma a cire?

Malam Nura: A cire mana. Saura 23,480, kuma a tsabar kuɗi kin shiga cikin uwar kuɗi da 6,520 har sai takalman nan sun fita. Akwai wani abin da kika biya daga wancan asusun? Data, kuɗin motar zuwa sari, kuɗin cire kuɗi daga dandali zuwa banki?

Maman Ilham: Akwai, sai na zauna na tattara. Abin da zan fara yau dai awon takalman ne. Na duba huɗun nan yanzu, uku duk samfuri ɗaya ne, mai siririn bakin nan, biyu 40 ɗaya 41. Hajiya, in cire shi daga shafin gaba ɗaya ko in bar shi da gargaɗi?

Hajiya Turai: Nawa kika tura a cikinsa?

Maman Ilham: Tara.

Hajiya Turai: Uku cikin tara, kin wuce layin da Malam ya ja. Sayar da ragowar da awon santimita a jiki, amma kada ki sake saro shi.

Abba Sadik: Tara ai sun yi kaɗan a yanke wa samfuri hukunci, Hajiya. Wataƙila shi ne ma ke jawo mutane shagon. Ni dai a ba shi wata ɗaya da awon a gani.

Maman Ilham: Ukun da ke hannuna zan gwada da su tukuna. Malam Nura, in na tattara sauran kuɗaɗen zan turo maka ka duba min, don ban san ko kuɗin motar sari a kan takalmi 40 zan raba shi ko a kan 34 ba.